Darasi: Yadda mai gida zai raba samun shekara ya kai wata 12



Ma'aikacin gwamnati yana amsar albashi ƙarshen kowane wata. Ya san abin da zai shigo hannunsa, ya san ranar da zai shigo. Manomi ba haka yake ba. Albashinsa sau ɗaya yake zuwa a shekara, lokacin kaka. Ɗan kasuwa kuma, wata kasuwa ta yi kyau, wata ta mutu. Amma tukunya ba ta san kaka ba, ba ta san bazara ba. Kullum sai an ɗora ta.

Abin da yake faruwa duk mun san shi. Da kaka rumbu cike, aljihu cike, ana biki, ana sayen abin da aka daɗe ana so. Da ruwa ya sauka, lokacin da aiki ya fi yawa, sai rumbu ya nuna gindi. Mai gida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiya guda. Gonarsa ta yi haki, amfanin baɗi ya ragu. Wani kuma ya ci bashi wanda zai biya da hatsi in kaka ta yi.

Wani lokaci rashin damana mai kyau ne ya kawo haka. Amma sau da yawa abin da aka samu ya isa, rabon ne ba a yi ba. A wannan darasi za mu koyi rabon. Dabarar guda ce: kada ka kashe daidai da abin da ya shigo a watan. Ka tara samun shekara, ka yanka wa kanka albashi ɗaya, ka riƙa biyan kanka shi kowane wata, ko an samu da yawa ko an samu kaɗan.

Kafin a fara

Ana bukatar littafin rubutu guda, wanda muke ce wa kaye, da alƙalami. Ana bukatar tiya ta awo. Ana bukatar mai gida da uwar gida su zauna tare, don ita ce ta san abin da tukunya take ci.

Sai a kula da ƙidayar kuɗi. A baki muna ƙidaya da dala, a takarda ana rubuta tamma. Dala guda tamma 5 ce. Dala 100 ita ce tamma 500. Jika guda dala 200 ce, ko tamma 1.000. Cikin kayenka ka zaɓi ƙidaya ɗaya ka riƙe ta. Wanda ya gama dala da tamma a layi ɗaya, lissafinsa ya ɓaci tun daga farko. A nan za mu yi aiki da jika da dala.

Za mu ɗauki misalin gidan wani manomi na jihar Maraɗi. Mutum 8 ne a gidan: shi da matarsa, da tsohuwarsa, da ɗiya 5. Farashin da za ku gani misali ne kawai. Kowa ya sa farashin kasuwar garinsu.

Mataki na 1: a fara da rumbu

Cimaka ita ce gaba da kome. Ba a lissafa ta da kuɗi, da dami da tiya ake lissafa ta.

Da farko mai gida ya san abin da daminsa yake bayarwa. Dami ba ɗaya ba ne: na wani gari ya fi na wani girma, na bana ya bambanta da na bara. Don haka a ɗauki dami 3, babba da ƙarami da matsakaici, a sussuka, a sheƙe, a auna. A gidan misalinmu dami 3 sun ba da tiya 15. Ke nan kowane dami tiya 5 ne.

Na biyu, uwar gida ta faɗi abin da ake fiddawa kullum. A wannan gida tiya 2 ce, ta fura da ta tuwo. Tiya 2 sau kwana 30, tiya 60 ke nan a wata. Tiya 60 a raba 5, dami 12. To, gidan nan dami 12 yake ci kowane wata. Wata 12 ya kama dami 144. Shekara tana da kwana 365, wato akwai kwana 5 da suka ɗoru bisa lissafinmu. Sai a ƙara dami 2. Cin shekara ya zama dami 146.

Bana mai gidan ya ɗaure dami 180. Ga yadda ya raba su cikin kayensa:

Abin da aka ɗaure: dami 180
Zakka, ɗaya cikin 10: dami 18
Iri, har da na sāke shibka: dami 4
Cin gida na shekara: dami 146
Saura: dami 12

Ku dubi wannan lissafi da kyau. Wanda ya ga dami 180 a bakin gona zai ce mutumin nan ya yi arziki, yana da na saidawa. Alhali dami 12 kaɗai ya rage, cin wata guda. Da su za a tarbi baƙo, da su za a yi furar masu taya noma, da su za a agaza wa ɗan uwa. Mutumin nan ba shi da hatsin saidawa ko tiya guda.

In ya saida fa? A ce da kaka tiya dala 100 ce. Ya sussuka dami 8, ya samu tiya 40, buhu guda ke nan, ya amshi jika 20. Da damana rumbu ya ƙare, tiya ta kai dala 180. Wannan buhu da ya saida, sai ya biya jika 36 kafin ya maido shi gida. Ya yi asarar jika 16 bisa hatsin da shi ya noma da hannunsa. Waɗanda suka ga shekarar 2005 ba su mance ba: akwai hatsi a kasuwa, amma tsada ta hana talaka saye.

Mataki na 2: a ƙidaya kuɗin da za su shigo

Yanzu sai kuɗi. A ja layi a raba shafi gida 3.

Gida na farko: abin da yake hannu. Shi ne amfanin da aka riga aka kawo gida, ana ganinsa da ido. A sa masa farashin kaka, ko da ana da niyyar ajiye shi har ya yi tsada. In ya yi tsada, riba ce. In bai yi ba, lissafi bai karye ba. Mai gidanmu yana da:

Wake buhu 4, kowane jika 25: jika 100
Gujiya buhu 5, kowane jika 12: jika 60
Harawa: jika 20
Jimla: jika 180

Gida na biyu: abin da aka saba samu amma bai zo ba tukuna. Mai gidanmu yana da amalanke. Wata 5 na rani, daga Janairu zuwa Mayu, yana ɗaukar kaya ranar kasuwa, yana jidar bulo da taki. Bara wani wata ya samu jika 15, wani wata 11, wani wata 8. Wane zai rubuta? Zai rubuta 8, mafi ƙanƙanta. Jika 8 sau wata 5, jika 40. Wanda ya yi lissafi da watan da ya fi kyau ya ruɗi kansa, don ba kowane wata ne mai kyau ba.

Gida na uku: abin da ake fata. Ƙanen mai gida ya tafi ci rani, wataƙila ya aiko da wani abu. Akwai wani da ya ci bashin mai gida tun bara, wataƙila ya biya. Waɗannan a rubuta sunansu, amma kada a sa su cikin jimla. Kuɗin da ke aljihun wani ba naka ba ne sai ran da ya shigo naka.

Samun shekara na gidan nan: jika 180 da jika 40, jika 220.

Mataki na 3: a fidda manyan bukatu tun da fari

Akwai bukatun da ba kowane wata suke zuwa ba, amma in sun zo da nauyi suke zuwa. Mutane suna cewa sun zo ba shiri. Ba gaskiya ba ne. Salla ba ta taɓa zuwa a ɓoye ba. Kowa ya san ana buɗe lakkol cikin watan Oktoba. Kowa ya san damana tana son taki da ƴan ƙwadago. Rashin lafiya ce kaɗai ba a san ranarta ba, amma an san gida mai mutum 8 ba ya shekara ba a je gidan likita ba, balle da damana lokacin zazzaɓin sauro.

Mai gida da uwar gida suka tuna abin da suka kashe bara, suka rubuta:

Bashin da aka ci da damana: jika 20
Lanho: jika 4
Taki da ƙwadago na damana mai zuwa: jika 40
Salla ƙarama da babba: jika 30
Kayan lakkol na yara: jika 10
Ajiyar rashin lafiya: jika 20
Jimla: jika 124

Bashi ne aka sa a kan gaba. Wanda ya biya bashinsa da kaka, in ya koma neman rance za a ba shi. Wanda ya ɗage shi ya shiga sabuwar shekara da kayan tsohuwa a kai.

A kula da Salla. Watannin Musulunci suna ja baya da kamar kwana 11 kowace shekara. Wata shekara Salla ta faɗo da kaka, hannu da kuɗi. Bayan wasu shekaru ta faɗo tsakiyar damana, hannu wayam. Ka tambayi liman ko ka dubi kalanda, ka rubuta watan da kowace za ta faɗo bana.

Mataki na 4: albashin wata

Jika 220 a ɗebe jika 124, saura jika 96. A raba 96 gida 12. Kowane wata ya samu jika 8.

Jika 8 ita ce albashin wannan gida. Tunda kasuwa mako mako take ci, ana iya cewa jika 2 kowace kasuwa. Ga yadda suka shirya ta:

Cefane, wato gishiri, mai, daddawa, tonka, kuka da kuɓewa: jika 4
Sabulu da batir: jika 1
Sukari, shayi da goro: jika 1
Gudummawar biki da suna: jika 1
Cajin waya da kuɗin kira: dala 100
Ajiya don watan da kasuwa ta ci sau 5: dala 100

Da mai gida ya ga wannan, sai ya ce wa matarsa: "Ashe jika 8 ce ƙarfinmu? Ni da na ga kuɗin gujiya a hannu, na ɗauka mun fi haka."

Ta ce: "Mai gida, bara ma haka ka ce. Wata 2 aka yi ana cin nama kowace kasuwa. Da aka shiga noma, gishiri ma sai da na ranto wurin maƙwabta."

Ya ce: "Gaskiyarki. To, in jika 8 ba ta isa ba fa?"

Ta ce: "Sai mu rage goro da shayi, ba mu taɓa kuɗin taki ba."

Uwar gidan nan ta fahimci darasin. In albashin wata ya kasa, hanya 2 ce: a rage abin da ba dole ba, ko a nemi ƙarin samu da rani, kamar lambu ko turkar rago. Ɗibar kuɗin taki ba hanya ba ce, cin amfanin baɗi ne tun bana. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mataki na 5: kowane wata a san inda albashinsa zai fito

Ba a saida kome da kome rana ɗaya a zuba kuɗi cikin aljihu. Kuɗi a hannu ba su da haƙuri. Kowa ya ji kana da su zai zo da matsalarsa, kai kuma kana jin kunyar hanawa. Don haka sai a ɗaura wa kowane kaya aikinsa.

Gujiya ita za a saida da kaka, jika 60. A biya bashi jika 20 da lanho jika 4. A ware jika 20 na rashin lafiya, a ƙulle su wuri dabam. Saura jika 16, albashin Nuwamba da Disamba ke nan.

Daga Janairu zuwa Mayu, amalanke ce za ta biya albashi, jika 8 kowane wata. Ran da wata ya ba da jika 14, a ɗauki 8, a jefa 6 cikin gwangwani. Ran da wata ya ba da jika 5 kawai, a ciro 3 daga gwangwani a cika. Wannan gwangwani shi ne rumbun kuɗi: watan ƙoshi yana ciyar da watan yunwa.

Wake da harawa, jika 120, su ne na lokacin wuya. Cikinsu akwai jika 40 na taki da ƙwadago, jika 30 na Salla, jika 10 na lakkol, da jika 40 albashin wata 5, daga Yuni zuwa Oktoba. Harawa takan yi daraja da bazara, lokacin da bisashe suka rasa ciyawa. A ajiye ta bisa rumfa, nesa da gara da awaki. Wake kuma a riƙa fidda shi buhu buhu, sai bukatarsa ta zo.

Amma ajiyar wake tana da sharaɗi. In aka zuba shi cikin buhu na kullum, ƙwari za su huda shi cikin ƴan watanni, farashinsa ya faɗi. A shanya shi ya bushe sarai, a sheƙe shi. A zuba shi cikin buhun nan mai riɓi 3, leda 2 a ciki da buhu a waje, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi dabam. Ko a cika jarka mai tsabta har baki a rufe ta gam. In iska ba ta shiga ba, ƙwarin mutuwa suke yi, ba sai an sa magani ba. Kada a riƙa buɗewa ana dubawa, kuma a tsare buhun daga ɓera, don huda guda ta isa ta ɓata aikin.

Wanda bai amince da hannunsa ba yana iya sayen akuya da kuɗin ajiya, ko ya shiga adashi, ko asusun ƙungiya. Sai dai a tuna: akuya tana iya mutuwa, adashi kuma sai ranar kwasarka ta zo. Saboda haka kuɗin rashin lafiya ba a sa su can. Su a gida suke kwana, inda hannu zai kai gare su ko da tsakar dare.

Yadda za a gane lissafi ya fara karkacewa

Rabo a takarda ba ya tsare rumbu. Sai ana dubawa. Duk damin da aka fidda, a ja ƙaramin layi cikin kaye. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya jefa tsakuwa guda cikin ƙwarya. Ƙarshen wata a ƙidaya. In sun kai 12, daidai ne. In sun wuce, a tambayi dalili tun abin bai yi nisa ba.

A ce bayan wata 3 aka tarar an fidda dami 45 maimakon 36. Ke nan ana cin dami 15 a wata. Da wannan tafiya, dami 146 da aka fara ci a Nuwamba za su ƙare kafin ƙarshen Agusta, ana tsakiyar aiki, sabon hatsi bai nuna ba. In an gane haka a Janairu, akwai gyara. In sai Yuli aka gane, sai bashi.

Ina damin yake tafiya? Sau da yawa ba cikin tukunya ba. Ana ɗibar tiya guda a ba mai nono, tiya guda a ba mai gishiri, tiya guda a kai kasuwa don kuɗin sabulu. Kowace ƙarama ce, amma tiya 15 dami 3 ne. Wannan alama ce cewa kuɗin cefane ba ya isa hannun uwar gida a kan lokaci. Maganinsa, mai gida ya miƙa mata rabon cefane kowace safiyar kasuwa, ba sai ta tambaya ba.

Wata alama: in ka kwance buhun wake kafin watan da ka rubuta masa, ka ci albashin damana ke nan. Rubuta shi, ka nemi inda za ka cike gurbin kafin ruwa ya sauka.

In damana ba ta yi kyau ba

Lissafin nan ya fi amfani a shekarar da aka samu kaɗan. A ce gidan nan dami 100 ya ɗaure. An fidda zakka 10 da iri 4, saura 86. Dami 86 cin wata 7 ne da ƴan kwanaki. Giɓin ya kai dami 60, wato tiya 300, buhu 7 da rabi.

Labari ne mai ɗaci, amma gara a ji shi da kaka. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Da kaka hatsi ya fi araha, bisashe kuma suna da ƙiba, suna da daraja. A lokacin ne za a saida gujiya ko rago a sayi hatsi. A lokacin ne za a rage kuɗin Salla da na biki. Mai zuwa ci rani ya tafi da wuri, ya san yawan buhun da ya je nema. Akwai kuma wata dabara: a rufe rumbu, a ci na saye da rani, a bar na gida sai damana, lokacin da tiya ta fi tsada kuma jiki ya fi bukatar ƙarfi. Inda akwai bankin cimaka, a je a ji sharuɗɗansa tun kafin bukata ta taso.

Lissafi ba ya ƙara ko tiya guda cikin rumbu. Abin da yake yi, yana nuna maka ramin tun kana nesa da shi.

Na mai sana'a da ɗan kasuwa

Uwar gidan nan tana da sana'arta. Kowane mako tana sayen gujiya ɓararriya tiya 10, ta fidda mai, ta yi ƙuli-ƙuli, ta kai kasuwa. Wannan kuɗinta ne, kayenta dabam. Amma dabarar ɗaya ce da ta rumbu.

Da ta dawo kasuwa, abu na farko ta ware uwar kuɗi: kuɗin gujiya, da na niƙa, da na itace. Abin da ya rage shi ne riba. Ta rubuta ribar kasuwa 8 a jere, da dala: 400, 240, 500, 160, 300, 200, 440, 240. Jimla dala 2.480.

Nawa za ta riƙa ɗauka kowane mako? In ta ɗauki 400, sau 3 kawai kasuwa ta kai haka, sauran makonni sai ta ci uwar kuɗi. Sai ta dubi na ƙasa ƙasa, ta yanke dala 200, jika guda. Cikin kasuwa 8, sau ɗaya kawai riba ta kasa haka, ran da ta samu 160, kuma gwangwani ya cika mata 40. Bayan mako 8 ta ɗauki dala 1.600, gwangwani yana riƙe da 880.

Abu 2 ne suke karya mai sana'a ba ta sani ba. Na farko, kayan da aka ci a gida da wanda aka bayar bashi. Man da aka zuba a miya da ƙuli-ƙulin da yara suka ɗiba, a rubuta su kamar an saida wa gida. Bashi kuma ba riba ba ne sai an biya.

Na biyu, a ƙidaya uwar kuɗi da tiya, ba da jika ba. Da kaka tiyar gujiya dala 200 ce, tiya 10 jika 10. Da bazara ta kai dala 280, tiya 10 ta koma jika 14. Wadda ta ce jarinta jika 10 ne ta tsaya nan, za ta tarar tiya 7 kawai take iya saye. Jarinta ya rame alhali kuɗin ba su ragu ba. Daga gwangwani ne za a ƙara wa jari jika 4 ɗin. Abin da ya rage bayan haka, shi za ta zuba adashi, ko asusun Mata Masu Dubara, irin wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991.

Haka ɗan tebur, haka mahauci, haka mai saida albasa: a ware jari, a rubuta ribar kasuwa 8, a yanka albashi daga na ƙasa, saura ya shiga gwangwani.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Don me ake lissafin cimaka da dami da tiya, ba da kuɗi ba?
2. Don me aka rubuta wa amalanke jika 8, ba jika 15 ba?
3. A garinku wane wata ne rumbuna suka fi ƙarewa? Mutane me suke yi a lokacin?
4. Ɗan uwa ya zo neman rance, kai kuma kuɗin taki kawai gare ka. Yaya za ka yi da shi ba zumunci ya ɓaci ba?

Aikin lissafi

1. Wani gida yana cin tiya 3 kullum. Daminsu tiya 6 yake bayarwa. Dami nawa suke ci a wata mai kwana 30?
2. Wani manomi samunsa na shekara jika 150 ne. Manyan bukatunsa jika 90 ne. Nawa ne albashinsa na wata?
3. Wata mai ƙosai ta kawo dala 900 daga kasuwa. Uwar kuɗinta dala 700 ce. Albashinta na mako dala 150 ne. Nawa za ta jefa cikin gwangwani?

Aikin gida

Kowa ya tambayi yawan tiyar da ake fiddawa kullum a gidansa. Ya sussuka dami 3 ya auna su. Ya ƙidaya damin da ya rage cikin rumbu, ya rubuta watan da zai kai shi. A kawo kaye aji mako mai zuwa, malami zai duba lissafin kowa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya sa rumbu ya kai mu sabon hatsi. Amin.